Wa Ya Cinye Shinkafar Badamasi?

Badamasi ya faɗo zauren mai gari yana huci, waya a hannu. An cinye masa rabin gonar shinkafa a bakin kogi, kuma ya rantse shanun Riskuwa ne.

"Ranka shi daɗe, ga shaida! Har kashinsu na ɗauka hoto."

Riskuwa makiyayi ya ce shanunsa suna ƙetare, ƙasar Benin, tun farkon damina. Badamasi ya ja tsaki.

Wayar ta zagaya har hannun Sarkin Ruwa Attahiru, shugaban masunta. Ya buɗa hoton da yatsu biyu.

"Badamasi, yaushe saniya ta fara watsa kashi bisa ganyaye har tsawon ƙugu? Ita tuli guda takan aje ƙasa. Wanga duk guntayen ciyawa ne, da wutsiya aka watsa shi. Dorina ce."

"A sake dubawa dai, Sarki!"

"Mun duba. Kuma inda ta ɗanɗana, tana komowa."

Mai gari ya sallami Riskuwa.

"To ita wa zai kirawo min ita nan?" Badamasi ya tambaya.

Ya fizgi wayarsa, ya fita neman gwangwanaye da itacen wuta na korar dorina da dare, ko sauran rabin ya tsira.