Ranar Dawowar Barikisu

Zelia mai koko ba ta iya karatu ba, amma duk unguwar Nima da ke Accra an san ba a yi mata wayo a kan awo. Tun da mijinta Osumanu ya rasu bara, abin da ya rage mata shi ne tukunyar kokon da 'yarta Barikisu mai shekara tara. Shi ya sa hankalinta bai kwanta ba ranar da Sumaila, ƙanen marigayin, ya zo da fara'ar da ba ta saba gani a fuskarsa ba. Ya ce yayarsu Azara da ke Kumasi ta haihu, tana neman a aika mata Barikisu ta taya ta zaman jego. Wai har ya rubuta amsa da fensiri, saura a buga a kai gidan waya.

Sumaila masinja ne a wani ofishi a Adabraka, kuma tun da ya koyi Turancin sa hannu yake ji kamar shi ne gwamna. Zelia ba ta isa ta hana dangin uba ganin 'yarsu ba. Ta dai ce ƙafarta ƙafarsa har wurin mai buga wasiƙa.

Gafaru mai tafireta yana zama a gindin darbejiya kusa da tashar Lagos Town. Tsoho ne mai taurin kai, ba ya taɓa na'urarsa sai ya karanta wa mai wasiƙa abin da aka rubuta da harshen da yake ji. Sumaila ya ce babu bukata, sauri yake yi. Gafaru ya ce ai sunan Zelia ne a ƙasan takardar, yatsanta za ta dangwala, don haka sai ta ji. Ya gyara tabarau ya fassara: an gode, za a kawo yarinya in wata ya kama, ta ɗan kwana biyu, sannan a dawo da ita.

Sumaila ya ce ai komai ya fito. Gafaru ya ajiye takardar ya tambaya wane wata ake nufi, na sama ko na kalanda, domin lori ba ya duba sama kafin ya tashi. Aka yi ta ja, har aka tsaya kan Asabar, sha huɗu ga Yuni. Ya rubuta a gefe. Sai ya tambayi kwana nawa. Sumaila ya yi dariya ya ce tsakanin 'yan uwa ba a ƙirga kwana.

Nan gaban Zelia ya faɗi. Ita kanta haka aka kai ta wurin gwaggonta a Salaga, ta ɗan kwana biyu, kuma ba ta sake ganin uwarta ba sai a ranar aurenta. Babu wanda ya yi ƙarya a lokacin, ba a dai faɗi rana ba ne, kuma yaron da ba a sa wa ranar dawowa ba ya zama na riƙo. Ta ce jego kwana arba'in ne, a rubuta arba'in. Gafaru ya bi kalandar da ke rataye a jikin bishiya da yatsa, ya ce ya faɗa Alhamis, ashirin da huɗu ga Yuli, ya rubuta ranar da adadin duka biyu.

Saura abu ɗaya. Takardar ta ce za a kawo, za a dawo da ita, ba ta ce wa zai yi ba. Kaiwa kam, Sumaila ya karɓa da sauri. Da aka zo maganar dawowa sai ya shiga kame-kame: ofis ba ya ba da hutu, direbobi suna da yawa, Allah zai kawo mai zuwa. Gafaru ya ce shi ba ya buga mai zuwa, suna yake bugawa.

Zelia ta dubi ƙanen mijinta ta daɗe. Kwana biyu ba tare da ta ɗora tukunya ba asara ce a gare ta, ta sani sarai.

"Baba Gafaru, sa sunana," in ji ta. "Ni zan je Kumasi da ƙafana, ni zan ɗauko 'yata ran Alhamis ɗin."

Gafaru ya saka takarda biyu da kabon a tsakani, ya buga, ya sake karanta mata daga farko har ƙarshe. Wannan karon babu inda mutum zai raɓe. Sumaila ya shiga juya hularsa a hannu, fara'ar nan duk ta gudu.

"Matar yaya," ya ce a hankali, "in dai haka za a aika, bar shi kawai. Yaya Azara ba na kwana arba'in take nema ba. Ta riga ta saya wa yarinyan tabarma da akwati."

Zelia ta tsoma yatsa a tawada ta dangwala a kan takardun biyu, ta miƙa wa Gafaru ɗaya ta ce a aika haka nan, Azara ta karanta da idonta. Ɗayar kuwa ta ninke ta cusa a ɗankwali, ta kama hanyar makarantar su Barikisu tun ba a tashi ba, don ta ɗauko 'yarta da kanta.