Tahiyyar da Inna Ba Ta Ƙarasa Ba

Ni dai tun farko na faɗa wa Kamilu cewa karatun Inna ba tallar atamfa ba ne, amma Kamilu idan ya ga lamba tana hawa a waya kunnensa toshewa yake yi.

Inna ita ce mahaifiyata, Malama Mairama. Tun rasuwar babanmu take zaune a Shagari, gidan yayanta Kawu Shaihu, tana karantar da matan unguwa a tsakar gida. Ni Lubna ina aure a Bodinga. Kamilu ɗan Kawu ne, taubashina, yana da shagon gyaran waya a bakin tashar Bodinga. Mu biyu muka buɗe wa Inna shafin bidiyo a intanet, saboda akwai mata da yawa, manya masu jikoki, da ba su iya sallah daidai ba, kuma kunya ba za ta bar su su zauna cikin yara a Islamiyya ba. A waya kuwa mace za ta maimaita abu son ranta ba mai yi mata dariya.

Kawu bai so ba. Sai da Inna ta yi ta lallashi kafin ya yarda, shi ma da sharaɗi.

“Ban hana ba,” ya ce. “Amma hannunta da littahi kaɗai za a nuna. Kuma ranar da nij ji sunan gidanga a bakin 'yan tasha, an gama.”

Duk Alhamis nakan hau mota in tafi Shagari. Inna ta sa hijabinta, ko da yake ba a ganin fuskarta, ta zauna a tabarma, ni kuma in riƙe waya. In na dawo sai in biya shagon Kamilu mu ɗora. A nan ne rigimarmu take, kan hashtag, wato 'yan kalmomin nan da ake rubutawa ƙarƙashin bidiyo da alamar # a gabansu, don manhaja ta san irin abin da ke ciki da irin mutanen da za ta kai wa, kuma mai nema ya latsa ya samu. Gurbi biyar muke cikewa, kuma kowane gurbi sai mun yi faɗa a kansa.

Ni ƙananan nake so: #MatanShagari, #Bodinga, #KoyonSallah. Masu sa su ba su da yawa, don haka bidiyon Inna yakan daɗe a sama, duk wadda ta latsa sai ta gan shi. Shi kuwa manyan yake so, irin #Musulunci da #Hausa.

“Ke Lubna, wanga naki ai kulle na,” yakan ce. “Wa ya san da #MatanShagari in ba ke da ƙawayenki ba? Da'awa muka yi ko gulmar ɗaki?”

“Naka hwa? Ka jefa tsakuwa a gulbi ka ce za ka ga inda ta faɗa? Kahin ka ɗaga kai wasu dubu sun binne shi.”

Gaskiya dai kowa da tasa. Da muka gwada nawa zalla, fuskokin nan dai su ne kullum, har da matan da suke zuwa tsakar gidan Inna da ƙafarsu. Da muka gwada nasa zalla, bidiyon ya faɗa hannun mutanen da ba su nema ba, suka wuce shi da sauri, manhajar kuma ta ɗauka ba shi da daɗi ta daina nuna shi. Sai muka raba: uku nawa, biyu nasa. A hankali shafin ya fara motsi. Mata daga Dingyadi, daga rugagen bayan Shagari, suna shigowa ta babbar ƙofa, su ga ƙaramin hashtag su latsa, su tarar da duk darussan a jere.

Haka Laraba ta same mu. Ba mu san fuskarta ba. Sunan shafinta “Laraba mai nono” kawai, hoton kuma ƙwarya ce. Da wayar ɗanta take shiga, in ya dawo kiwo. Ta sa an rubuta mana cewa ta haura shekara hamsin, kuma in ta zauna tahiyya a sallah bakinta kawai take motsawa, don ba a taɓa koya mata ba, ita kuma ba ta taɓa iya tambaya ba. Da na karanta wa Inna, sai da ta share ido da bakin hijabi. Saboda Laraba ta fara darasin tahiyya, gaɓa ɗaya duk mako, a hankali, tana maimaitawa kamar mai ba jariri kunu. Duk Alhamis kafin in ajiye jaka tambayarta ɗaya ce: “Ɗiyata, Laraba ta yi magana?”

Mun kai gaɓar sallama ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai wata rigima ta ɓarke tsakanin almajiran wasu malamai na birni. Ko ina ka latsa, #Raddi ne. Wannan ya yi wa wancan raddi, wato martanin rushe maganarsa, wancan ya rama, matasa kuma sun yi dafifi a ƙasa suna zage-zage da sunan kare addini. Kamilu ya nuna min yawan masu kallon hashtag ɗin, idonsa har ƙyalli yake.

“Gurbi guda kaɗai, Lubna. Ko kaɗan daga cikinsu sunka ga karatun Gwaggo, ai lada ta.”

“Raddin wa Inna ta yi? Waɗanga ba karatu sunka zo nema ba, abokin hwaɗa sunka zo nema. Kada ka soma.”

Ya yi dariya ya ce matsoraciya. Ranar ina sauri, akwai suna a dangin mijina a Dingyadi, sai na bar masa bidiyon ya ɗora. Ya cire #KoyonSallah ya sa #Raddi a gurbinsa. Na san ba da mugunta ya yi ba, Kamilu yana son Inna kamar uwarsa. Amma rashin mugunta bai hana komai ba.

Washegari da hantsi na buɗe waya. Bidiyon ya tafi inda wani namu bai taɓa zuwa ba. Inna ta karanta tahiyya yadda muka tashi da ita a ƙasar nan, mai “azzakiyatu lillah”, wadda take tabbatacciya a littattafai. Wasu da suka haddace wata riwayar daban suka ce ta ƙara a addini. Wasu suka taso kare ta, ba don sun san ta ba, don dai abokan gabarsu ne suka soke ta. Wani ya ce muryar mace ba ta halatta a waya ba. Wasu 'yan iska kuma suka kama kwaikwayon Sakkwatancinta, suna ja mata “awo” da “mi”. Duk zagi ɗaya sharhi ne, manhaja kuma ba ta bambance zagi da addu'a, ita dai ta ga ana magana sai ta ƙara turawa.

Na hau keke napep ko mayafi ban daidaita ba. Na tarar da Kamilu a shago, waya a hannunsa.

“Na rufe sharhin,” ya ce. “Na ma sauke bidiyon.”

“Ka sauke naka. Nasu hwa?”

Sun riga sun kwafe. Wani mai gemu ya raba allo biyu, hannun Inna a gefe, shi a gefe yana nuna ta da yatsa. Abin da ya fi ƙona min rai, da suka ɗora nasu sai suka kwashi hashtag ɗinmu gaba ɗaya suka liƙa. Na latsa #MatanShagari, ɗan ɗakinmu da muka share muka shimfiɗa wa mata tabarma, na tarar maza sun cika shi da ihu. Wallahi ban san lokacin da na fara kuka a gaban mutanen tasha ba.

Ba a kai Alhamis ba Kawu ya aiko kiranmu. A kasuwar dabbobi wani dillali ya miƙa masa waya yana murmushi, ya ce, “Alhaji, wagga ba muryar gidanka ba ta?” Muka same shi a zaure. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

“Allah shi ba ka yawan rai, Kawu,” na ce ina durƙushe, “karatun daidai na. Kowane malami ka tambaya.”

“Na san daidai na. Tare munka karanta shi gaban mahaihinmu. Ni ba karatun niƙ ƙi ba. Ƙanwata, uwar ɗiya, ana wasa da muryarta wajen masu shayi. Mi nic ce muku ranar farko?”

Kamilu ya ce laifinsa ne shi kaɗai, a hukunta shi a bar shafin. Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya sa aka goge shafin a gabansa, darussan duka, sannan ya shiga ciki ya karɓi alkawarin Inna cewa muryarta ba za ta sake shiga waya ba. Inna ba ta yi musu ba. Ba ta taɓa yi wa yayanta musu ba, kuma ita in ta yi alkawari ko a ɓoye ba ta karya shi.

Na yi fushi da Kamilu, na yi fushi da Kawu, har Innar ma na ji haushinta don ta yi shiru. Na daina bi ta gaban shagon. Masu raddi kuwa ba su yi mako biyu ba suka samu wani abin suka koma can, ko sunan Inna ba za su iya tunawa ba yanzu.

Ban daina zuwa Shagari ranar Alhamis ba, sabo. A mota wata rana na latsa #MatanShagari, don dai in ga ko ƙurar ta kwanta. A sama akwai sabon bidiyo daga shafin Laraba mai nono, masu kallonsa ba su kai yatsun hannu ba. Ba fuska, sai ƙasa da ƙafafun shanu. Na rubuta mata a ƙasa ta faɗa min rugarsu, har yau ba amsa, wataƙila ɗan ya yi nisa da shanu.

Na shiga gida na tarar da Inna a tabarma. Ta ɗago ta dube ni, ta buɗe baki za ta yi tambayar da ta saba, sai ta fasa. Na zauna kusa da ita na kunna mata.

Muryar tsohuwa ce, da karin harshen Fulani, tana jan tahiyya a hankali, gaɓa bayan gaɓa, ba kuskure ko ɗaya. Ta kai “wa rahmatullahi wa barakatuhu” ta tsaya. Aka ji kukan maraƙi. Sannan ta ce, “Malama, nan kika tsaya. Na neme ki ban gani ba. Daga nan fa?”

Inna ta sa hannu ta kifa wayar a kan tabarma, ta tabbatar ba ta ɗaukar komai. Sannan ta gyara hijabi, ta faɗi gaɓar da ke biye a hankali, “Assalamu alaina wa ala ibadillahis salihin,” ta yi shiru daidai yadda takan yi don mai koyo ta maimaita.