Burodin Inna Saliha

A unguwarsu a Zurmi, idan ana zancen hannu a sake, da sunan Inna Saliha ake farawa, kuma ita ma ta san da haka sarai. Ba kuɗi gare ta ba. Amma ko ƙuli-ƙuli aka kawo mata tsaraba sai ta ɓantare shi ya zaga gidaje. Wasu na cewa halinta ne, wasu na cewa son yabo ne. Ni a ganina duka biyun ne, kuma wanda ya ci ƙulin bai taɓa tambaya ba.

Ranar kasuwa, tsakiyar damina, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gidanta da saƙo daga ɗanta Muhtari, wanda ke lodin motoci a tashar Kaura Namoda. Burodi ne babba mai yanka-yanka, dogo kamar matashin kai, ledarsa har da gumi a ciki don da ɗuminsa aka ɗaure shi. Ɗan kabu-kabun bai san sirri ba. Ya ɗaga shi sama yana kwaɗa sallama, har Zulai maƙwabciyarta ta leƙo ta kan katanga. Kafin la'asar babu gidan da bai ji ba, kuma kowace mace ta riga ta ƙiyasta yankanta.

Sai dai wannan karon Inna Saliha na da wani shiri. Surukan 'yarta za su zo daga Gurbin Ɓore ranar Juma'a, tana so ta ajiye musu shayi da burodin Kaura, su koma suna ba da labari. Abin da ya ragu sai a raba wa unguwa. Ta saka burodin da ledarsa cikin babbar kwalla, ta rufe ruf, ta tura ƙarƙashin gado, inda ko iska ba ta zuwa gaisuwa.

Juma'a ta zo, baƙi ba su zo ba. An ce hanya ba kyau, an ga mutanen daji a kanta, kowa ya zauna gida. Aka ɗaga zuwan, ruwa kuma ya yi ta sauka, ɗaki ya ɗauki laima. Da Inna Saliha ta gaji da jira ta jawo kwalla don ta raba wa unguwa haƙƙinta, sai ta ga wani farin abu kamar auduga ya tsiro a kan yanka biyu na bakin leda.

Ta kira matar ɗanta, Ummusalma, wadda ke zaune tare da ita da 'yar jaririyarta Hamida mai rarrafe. Ummusalma 'yar Kaura ce, a gidan masu gasa burodi ta tashi.

"Ke 'yar nan, zo ki gani. Gari na koko mi?"

Ummusalma ta duba ta cikin leda. "Ba gari ba ne, Inna. Gari kwance yake, ana kakkaɓe shi. Wanga ko dubi yadda yat tashi da gashi-gashi. Hunhuna ce."

Inna Saliha ta kai hanci za ta shinshina, Ummusalma ta riƙe mata hannu. "Kada ki shaƙa, Inna, ƙurarta na shiga ƙirji."

"To sai a hidda biyun ga a raba sauran. Allah ya so mu, ba ta yi nisa ba."

"Ta yi, Inna. Abin da kika gani kai na, saiwarta na ciki. Burodi duk ƙohwa-ƙohwa na, ga taushi, sai ta bi ta ratsa, ido bai ganin ta. Kuma leda guda sunka kwana. Gidanmu in ta hito ga guda, dut ake zubarwa."

"Duka? Abinci? Ke ba ki tsoron Allah? To a gasa shi ga wuta."

"Wuta na kashe ta, amma in ta riga ta zuba dahinta, gashi bai hidda shi. Kuma ba a gane mai dahi da marar dahi da ido. Babba shina iya ci ya kwana lahiya, shina iya kwana ga salga. Yaro da mai ciki da mai jinya su aka ji ma tsoro."

Inna Saliha ta yi tsaki. A ranta ta ce 'yan birni ke nan, komai a zubar. Amma ba ta raba ba. Ta cire yanka biyun, ta ƙara da na uku don ihsani, ta ɗaure leda ta mayar cikin kwalla, wai sai ta yi shawara da zuciyarta. Da ta sake buɗewa bayan kwana biyu, yankan da ta rantse lafiyarsu ƙalau sun fito da nasu farin gemu, har da na can tsakiya. Ta zauna a bakin gado. Haushi biyu ne ya kama ta: na burodin, da na gaskiyar da suruka ta fi ta.

"To ko awaki?" ta ce a hankali.

"Su ma tana ɓata musu ciki, Inna."

Da a nan ta tsaya, ta jefa shi a salga ta yi shiru, da wataƙila maganar ta mutu. Amma zance ya riga ya fara dawo mata. A wurin rijiya an ce wai Saliha ta fara cin abu a ɗaka. Wannan magana ta hana ta sukuni fiye da ciwon ƙafarta. Ita da ta shekara da shekaru tana gina suna, a ce burodi guda ya rushe shi? Sai ta aika aka kira matan unguwa, don su gani da idonsu cewa ko gutsure ba ta yi ba.

Suka cika tsakar gida. Ta buɗe kwalla a gabansu kamar mai nuna kayan lefe.

"Ku gani, bayin Allah. Ban ci ba. Hunhuna tac ci."

Aka leƙa, aka yi salati. Sai Zulai, wadda 'yarta ke da tsohon ciki kuma tun ranar kasuwa take zancen burodin nan, ta ce, "Wanga ɗan abu? Haba Saliha. Ai rabinai lahiya lau yake. Miƙo wuƙa in yanke wurin, mu da munka saba."

"Ba a yankewa, Zulai. Saiwa garai ciki."

"Saiwa? Burodi na koko rogo?"

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce ita ta ci irinsa ya fi a ƙirga, ga ta nan tsaye. Wata ta ce a ba ta na ƙarshen, da shayi mai zafi komai mutuwa yake. Hannuwa suka fara miƙowa. Inna Saliha ta dubi Zulai, ta tuna 'yar tata mai ciki da ƙafafu a kumbure, kuma babban asibiti sai an bi hanyar da ba ta da kyau. Tsoro ya kama ta na gaske. Ta rungume kwalla, ta ratsa mata ta nufi bayan gida, ta juye burodin duka a salga.

Ta fito tsakar gida. Zulai ta gyara mayafi ta ce, "To. Mun gani. Allah shi ƙara arziki." Suka fita ɗaya bayan ɗaya, babu mai cewa sai an jima.

Kafin magariba labari ya gyaru, ya fi na da daɗi. Da cewa ake ta ci ita kaɗai. Yanzu cewa ake ta tara mutane ta nuna musu abinci, sannan ta gwammace salga ta ci da maƙwabci ya ci. Fumfunar kuwa kullum raguwa take a bakin masu ba da labari, har ta koma ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero. Aka daina aiko mata da ɗanɗanon miya. Yaran da ke rabon tsaraba suka koyi tsallake ƙofarta. Abin ya ci ta ƙwarai, har ta rame, ta daina zama a zaure da hantsi.

Ana haka ƙanen Zulai ya dawo daga Shinkafi da tsaraba. Zulai mace ce mai baki amma ba ta da riƙo, kuma shekarunsu da Saliha sun wuce a watsar. Sai ga ta da safe ta yi sallama, da ɗan kwano a rufe.

"Saliha, abin da yaw wuce ya wuce. Ga naki. Ni ban iya cin abu in hana ki."

Inna Saliha ta ji hawaye ya cika mata ido. Ta karɓa da hannu biyu, ta shimfiɗa mata tabarma, ta buɗe kwano. Yankan burodi ne guda ɗaya. An yanke masa kusurwa ɗaya da wuƙa, tsaf, yankan gwani.

Ummusalma da ke tankaɗe a gefe ta gani, ta sunkuyar da kai.

"Ya ɗan kwana ga hanya," in ji Zulai, "amma na gyara shi. Ci mana, ina nan."

Inna Saliha ta riƙe burodin tana juya shi. Idan ta ajiye, ta mari Zulai karo na biyu, kuma babu na uku. Ta fara laluben abin cewa, ko azumin nafila, ko ciwon haƙori. Ba ta ankara ba Hamida ta rarrafo ta dafa gwiwarta, ta miƙe tsaye, ta kama gefen burodin da 'yan yatsunta, baki buɗe.

"Allah sarki, sam mata," in ji Zulai. "Ɗan ɓantara mata."

Inna Saliha ta fizge burodin daga hannun yarinyar, ta dunƙule shi, ta cusa duka a bakinta. Ta tauna da ƙyar, ta haɗiye babu ko ruwa, idanunta sun yi ja. Hamida ta faɗi zaune ta tsala kuka.

Zulai ta dube ta, ta dubi yarinyar. Ta ɗauki kwanonta ta miƙe a hankali. Ba ta ko bari ta kai gida ba, daga zaure aka jiyo muryarta tana faɗa wa wata mai wucewa:

"Ashe mu ba a yi muna komi ba. Wallahi ko jikarta ba ta iya sam ma."