Sallamar Baffa Idirisu

"Goge shi," in ji Baffa Idirisu. "Wannan ba neman sulhu ba ne, shari'a na zauna yi."

Na danna na goge. Tun hantsi muke abu ɗaya, ni da shi, a ɗakinsa mai warin man zafi. Ina riƙe da wayata daidai bakinsa, shi kuma yana jingine da filo biyu, ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum. Guga na baro a shago, gawayin ma na san ya daɗe da mutuwa. Ni Ɗanmusa mai wanki da guga, katanga ɗaya ce tsakanina da Baffa a Yalwawa, nan cikin Dutse, kuma tun da likitoci suka sallamo shi suka ce a je gida a ci gaba da addu'a, kusan a gidansa nake wuni.

Saƙon murya yake so ya aika wa ƙanensa Bubayero, wanda ke kiwo a wata ruga bayan Miga. Sun fi shekara goma ba sa ga-maciji. Duk unguwa an san dalili. Ranar da mahaifiyarsu Dada ta rasu a nan gidan, an aika wa Bubayero, ya bar shanu ya kamo hanya. Baffa ya ƙi jira. Ya ce a gaban mutane gawa ba ta jiran mai bin saniya. Bubayero ya iso ya tarar ana dawowa daga maƙabarta, kuma kafin ya zauna wani ɗan gulma ya kai masa maganar yadda aka faɗe ta. Ko ruwan gidan bai sha ba ya juya.

Saƙon da muka goge, Baffa ya fara shi ne da zafin ranar da aka yi a wancan lokaci, da yadda liman ya matsa, da yadda ba shi kaɗai ya yanke shawara ba. Gaskiya ce duk, amma da na sake kunna masa ya ji kansa, sai ya yamutsa fuska.

Goggo Zinariya, matarsa, tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ta ce, "Malam, ka ce masa kana kwance kawai. Wa zai ji ɗan'uwansa na jinya ya ƙi zuwa?"

"Ba zan ce ba."

"To don me?"

"In ya zo don ina mutuwa, mutuwar ya zo gani. Ni nake so ya amsa wa, Zinariya. Ba zan ɗaure shi da ciwona ba."

Taurin kai irin na Baffa sai dai a bar shi. Ni ma na sa baki, na ce ya ce in ya yi masa laifi ya yafe. Ya harare ni da idon nan nasa da ya koma ruwan ɗorawa.

"In? Kai Ɗanmusa, ranar da ka ƙona min babbar riga, ce min ka yi in ka ƙona?"

Rigar kam na ƙona ta.

Ana cikin haka babban ɗansa Misbahu ya shigo daga sakatariya, da katin aiki rataye a wuya. Da ya ji abin da ake yi sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Baba, kai ne babba fa. Mutumin da bai zo aurena ba, bai zo sunan 'ya'yana ba, shi za ka bi kana lallashi? Me mutane za su ce?"

"Mutanen ne za su shiga kabarin da ni?" in ji Baffa. "Ni na yi ɓarnar, ni zan fara sallama. Fita ka ba ni wuri."

Misbahu ya fita yana huci. Baffa ya sa aka ba shi ruwa ya kurɓa, ya gyara hularsa kamar mai shirin karɓar baƙo, sannan ya yi min alama. Na danna.

"Salamu alaikum, Buba. Idirisu ne. Ya gida, ya shanu, ya ruwa a wajenku?" Ya tsaya yana mai da numfashi, har na zaci ya gama. "Ranar Dada ban jira ka ba. Kuma na faɗi maganar da ba ta dace ba. Ban kyauta maka ba. Ba sai ka amsa yanzu ba. Ka gaida yara."

Shi ke nan. Na tambaye shi ko zai ƙara wani abu, ya ce wanda ya yi sallama a ƙofar gida tsayawa yake ya ji, ba ya kutsa kai.

Bubayero ba ya riƙe waya. Lambar 'yarsa Hadiyya muka samu, malamar firamare ce a cikin Miga, sai ƙarshen mako take zuwa ruga. Na tura mata, na rubuta a ƙasa cewa saƙon babanta ne daga yayansa, ta kunna masa shi kaɗai, ban da gaban mutane. Baffa ne ya ce a sa wannan. Ya ce a gaban mutane ya kunyata shi, ba zai sake sa shi a tsaka mai wuya a gaban mutane ba. Ya kuma sa na rantse ba zan gaya wa Hadiyya zancen ciwo ba. Na rantse, ina jin haushin kaina.

Daga ranar, duk shigowata da abin da yake tarbata ke nan. "An ji?" In ce alamar saƙon ba ta canja ba tukuna. Ranar Asabar da la'asar alamar ta koma shuɗiya, Hadiyya ta rubuto: "Na kunna masa. Ya sa na maimaita. Bai ce komai ba, ya tashi ya shiga cikin shanu."

Na karanta wa Baffa. Na zaci zai karaya, sai na ga yana murmushi.

"Ya sa an maimaita?"

"Haka ta ce."

"To ya ji."

Na ce mu sake tura wani, ko mu kira kai tsaye. Ya ce a'a, ba a yi wa mutum sallama biyu a jere kamar ana korar akuya. Shekarun da Buba ya yi da abin a ransa, ai ya ci a ba shi kwanaki. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in ɗauki wayar in kira in faɗi komai. Mutum yana ƙarewa a gabana, cikinsa na ƙara kumbura, ko kunu ba ya zama, amma yana maganar a ba wani kwanaki.

Ranar Litinin ya kira Misbahu da Goggo, ya ce ni ma in tsaya in zama shaida.

"In ta Allah ta kasance, kada a kai ni sai Buba ya zo."

Misbahu ya ce, "In bai zo ba fa?"

"Ku jira shi iyakar abin da shari'a ta yarda. Ni dai a jira shi." Ya juyo gare ni. "Ɗanmusa, kai ne marar kunyar unguwar nan. Na bar maka wannan."

Ya cika ranar Laraba da sassafe, ana yayyafi. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da na samu kaina na kira Hadiyya, tunda rantsuwata ta ƙare. Ta yi salati, ta fashe da kuka, sannan ta ce, "Ai Baba ya taho. A ruga na kwana, tun da asuba ya fito, ya ce Dutse za shi. Na ce ya bari in ɗauki muryarsa in tura, ya ce sallamar yaya ba a amsa ta a waya."

Ba waya a jikinsa, ga ruwa ya ɓata hanyar rugarsu. Ba wanda ya san inda ya kai.

Kafin hantsi an yi wanka, an yi sutura, an haƙa kabari. Abokan aikin Misbahu sun cika layi da motoci, kowa na duba agogo. Aka jingina makara a bakin zaure. Misbahu ya ce a fito da shi.

Na je na zauna a dokin ƙofar zauren, na miƙe ƙafa.

"Malam Ɗanmusa, tashi," in ji Misbahu.

"Ba zan tashi ba. A gabanka ya faɗa."

"Ubanka ne ko nawa?"

"Naka ne. Shi ya sa nake mamaki."

Aka yi caa a kaina. Wani ya ce gaggauta jana'iza sunna ce, wani ya ce mai wanki ya samu wuri. Na ce su faɗi duk abin da za su faɗa, wanda zai fito da Baffa sai dai ya tsallaka ni. Ban taɓa jin kunyar wannan zaman ba, har gobe. Daga cikin gida Goggo Zinariya ta ɗago murya ta ce ita ma ta ji wasiyyar da kunnenta.

Liman Uwaisu ya matso, dattijo ne mai sanyin magana. Ya tambaya ko da gaske ɗan'uwan yana hanya, na ce 'yarsa ta tabbatar. Ya ce gaggawa ita ce asali, amma jiran ɗan'uwa na kusa ba laifi ba ne matuƙar ba a ji tsoron gawa za ta canja ba, ga shi kuma garin da sanyi. Ya ce za a jira zuwa la'asar, daga nan ko ni ba zan hana ba. Na ce na yarda. Wasu masu motoci suka yi addu'a suka tafi. Misbahu ya koma gefe ya zauna, bai ƙara kallona ba.

Aka yi azahar. Kowane babur ya shigo layi sai na miƙe, in ga ba shi ba ne. Na fara tunanin abin da zan yi in an kira la'asar.

Rana ta karkata sosai sannan wani ɗan acaɓa ya tsaya a bakin layi. Wani dogon tsoho ya sauko, da malafa da sanda, wandonsa duk taɓo har gwiwa, yana rungume da gorar nono. Ban taɓa ganinsa ba, amma hancin Baffa ne a fuskarsa. Ya dubi tabarmi, ya dubi mutane, ya dubi makara. Ya tsaya cak.

Misbahu ne ya tashi ya je gare shi. Ya durƙusa, ya ce, "Baffa Buba, Baba ya rasu da safe. Ya ce kada a kai shi sai ka zo."

"Tun safe?" in ji Bubayero. "Ni kuke jira?"

"Kai muke jira."

Na janye ƙafata daga ƙofa. Ya cire takalmansa na roba, ya shiga, na bi shi. Baffa na kwance a tabarma cikin likkafani. Bubayero ya ajiye gorar a gefen kansa a hankali, ya durƙusa, ya cire malafa. Sannan ya sunkuya daidai kunnen, ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ake yi wa mai barci, ya kira shi da sunan da Fulani ke kiran yaya.

"Wa alaikumus salam, Hamma. Gida lafiya. Shanu lafiya. Ruwa ya sauka sosai bana."

A waje ladan ya fara gyaran murya. Da aka ɗaga makara Bubayero ne a gaba, kafaɗa ɗaya da Misbahu. Gorar nonon tana nan inda ya ajiye ta, bakinta toshe da ganye.