Rubutu a Kan Tsaga

Mai ɗinki ta sayi bulon gina bango a shagon maƙwabcinta mai bulo, ginin bai shekara ba ya tsage. Da ya ƙi sauraronta, sai ta sa jikarta ta ɗauki bidiyo domin duniya ta gani.

Kafin su saka shi a intanet, jikar ta ciro hoto ɗaya daga bidiyon, ta tura wa kawunta mai ɗaukar hoto. Muryarsa ta dawo ta waya: "Inna, kin ba rana baya, fuskarki ta yi baƙi ƙirin. Kin cika hoton, bangon yana can gefe. Rubutun da kuka ɗora kuma ya zauna daidai kan tsagar."

Tsohuwa ta fizge wayar ta duba. Tsagar da ke hana ta barci ta ɓace ƙarƙashin manyan haruffan da ba ta iya karantawa.

"Ke, 'yar nema! Mai bulo ya biya ki ne?"

"Kaka, cewa kika yi in rubuta da girma."

"Na ce ki rufa masa asiri? Mayar da shi sama!"

Ta ja kujerarta gefe, ta fuskanci rana, ta nuna tsagar da almakashi.

"Ɗauka. Ni an san fuskata, ɓarnarsa nake so a gani."