An Binne Muntaka Ranar Litinin

A takardar Badaru an binne Muntaka tun ranar Litinin, alhali sai Laraba zai yi satar da za ta jawo masa mutuwar. Haka aikin fim yake, kuma Badaru ya gaji da yi wa mutanen ƙauyen da suke ɗaukar fim ɗin bayani. Shi ne mai tsara jadawalin ɗauka. Ba ya bin labari daga farko zuwa ƙarshe, wuri yake bi da kuma ranar da ɗan wasa zai samu zuwa. Duk wani sin, wato fitowa, na maƙabarta a haɗa shi rana ɗaya, na kasuwa rana ɗaya, na gona ma haka. Ana gamawa mai tacewa ya jera su daidai a Kano.

Shekarar kuwa ba ta wasa ba ce. Kwanon gero ya yi tsadar da magidanci zai je kasuwar hatsi ta Dawanau ya taya, ya dawo gida hannu rabbana. A ƙauyukan bayan Minjibir mutane sun koma gadin gonakinsu da gora da adda, don kafin mai gona ya yi girbi wani ya riga shi. Labarin fim ɗin ma a kan wannan aka gina shi.

Muntaka, wanda ke fitowa a ɓarawon geron, abokin Badaru ne tun suna firamare, kuma Badarun ne ya roƙar masa wannan fitowa bayan ya yi wata bakwai ba aiki. Ranar Litinin da aka sauke shi daga makara ya miƙe yana kwance likkafani yana dariya.

"Kai Badaru, ba ka da kirki. Ko tuwon fim ɗin ban ci ba ka binne ni."

"Yi haƙuri, mamaci. Ranar Juma'a za ka yi satarka."

Haka aka shirya da farko, haka kuma Badaru ya faɗa wa Malam Nababa mai gonar da suka ara: Juma'a da safe. Sai ga waya ranar Talata cewa Maijidda, jarumar fim ɗin, ba za ta samu zuwa ba sai Juma'a, kuma rana ɗaya tak za ta yi. Duk fitowarta a cikin gida take. Badaru ya ɗauki biro ya musanya ranakun, gida ya koma Juma'a, gona ta dawo Laraba. Ya kira darakta, ya kira mai kyamara da direba. Ya kira samarin da za su fito a masu dukan ɓarawo, ya ce su iso daga Kano ƙarfe goma. Ya buga wa Malam Nababa sau ɗaya bai shiga ba, ya ce bari anjima, anjimar da bai sake tunawa da ita ba.

Laraba da sassafe suka faka bas a kan burtali, can nesa da gonar. An riga an kwantar da geron yana jiran yanka, daga gabas kuma dawar maƙwabta tana tsaye ta fi mutum tsayi. Darakta Khalilu yana son a ga ɓarawon ɗan mitsitsi a tsakiyar gona, don haka aka hau da kyamara kan rufin bas, ba a ko kai makirfo kusa ba. Sin biyu ne a takardar ranar: na goma sha biyu, satar, na arba'in, inda ake kama shi a wannan gonar a yi masa duka.

Muntaka ya naɗe fuska da tsumma, ya saɓa buhu, ya tafi. Khalilu ya ɗaga hula alamar a fara. Daga kan bas suka ga ya sunkuya yana yankar zangarniya yana cusawa a buhu, yana waige-waige. Ya iya abinsa, har Badaru ya ji daɗi a ransa.

Sai dawar gabas ta motsa. Mutum biyar suka fito a guje da gorori. Na gaba ya sheme Muntaka a gadon baya, ya kifa a kan karan gero. Kafin ya ɗago na biyu ya sauke masa a kafaɗa.

"Wa ya ce su shigo yanzu?" in ji Khalilu. Sai kuma ya riƙe hannun mai kyamara. "A'a, kar ka tsaya. Sun haɗe mana sha biyu da arba'in. Wallahi ya yi kyau, ci gaba!"

Ihun Muntaka yana isowa sama-sama. Wani a ƙasan bas har ya ce, "Kai, mutumin nan ɗan wasa ne."

Badaru ya dubi agogonsa. Bakwai da kwata. Ya dubi takardar hannunsa, inda shi da kansa ya rubuta ƙarfe goma a gaban sunayen samarin. Samarin nan ko tasha ba su isa ba. Kuma sandunan fim, waɗanda aka yi da soso aka shafa musu fenti, ga su a ɗaure cikin bas ƙarƙashin kujera.

"Ba namu ba ne!" Ya diro daga kan bas, ƙafarsa ta gurɗe, bai ko ji ba. "Ku tsaya! Fim ne! Don Allah fim ne!"

Gonar da ya yaba da faɗinta jiya, yau ta ƙi ƙarewa. Yana gudu kara yana yankar ƙaurinsa, yana jin saukar gora kamar ana sussuka. Tun yana jin muryar Muntaka har ya daina ji. Da ya isa bai tsaya magana ba, ya faɗa a kansa ya rufe shi da jikinsa. Gora ta same shi a haƙarƙari, wata ta fasa masa ƙeya, jini ya gangaro masa cikin kunne.

"Ga ɗan'uwansa, ku haɗa da shi!"

"Ku dakata!" Muryar dattijo ce. Malam Nababa ya ture samarin, waɗanda 'ya'yan ƙaninsa ne daga unguwar gaba, ba su ma san da zancen fim ba. Ya sunkuya ya dubi fuskar Badaru, gorar hannunsa ta faɗi. "Malam Badaru? Innalillahi. Ba Juma'a ka ce mini ba?"

Badaru ya ɗaga daga kan Muntaka yana kiran sunansa.

"Juma'a ka ce! Sau biyu aka yashe ni a gonar nan cikin satin nan. Juma'a ka ce mini, yaro!" Dattijon ya zauna daɓas a ƙasa ya ɗora hannu a ka.

Suka warware tsumman fuskar Muntaka. Kansa ya dare ta bayan kunne, hannun dama ya karye ya juya baya, yana numfashi da gurnani. Aka kwantar da shi a kujerar bayan bas, kansa a cinyar Badaru, direba ya kama hanyar Minjibir. Badaru yana ta kiran sunansa yana cewa ya yafe masa. Sau ɗaya ya buɗe ido. Ba su kai kwalta ba ya cika.

Bayan la'asar aka binne shi a Kano. Badaru ya kama makarar, kansa a naɗe da bandeji, kuma nauyinta daidai yake da na ranar Litinin, abin da ya sa shi kuka ke nan a gaban mutane.

Ranar Juma'a da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Maijidda ce, ta sauka daga jirgi ba ta ji labari ba.

"Malam Badaru, ga ni a hanya. Da wane sin za mu fara?"

Takardar tana aljihun rigar da bai wanke ba. Ya warware ta, jini ya bushe a gefenta. An soke maƙabarta da biro, an soke kasuwa. Abin da ya rage a saman Juma'a shi ne sin na ɗaya: safiya, tsakar gida, Muntaka ya fito daga ɗaki da fartanya a kafaɗa, matarsa, wato Maijidda, ta ce masa a dawo lafiya.

"Malam Badaru? Kana ji na?"

"Ina ji, Hajiya," in ji shi. "Ki koma gida. Farkon ne ya rage, kuma babu mai yin sa."