Sunayen da Suka Maƙale a Wayar Gudiya

Kwana tara Gudiya Arzika ta yi tana bin gonakin Jiga Makera da kewayen Aliero, tana ɗaukar sunayen manoman da ruwa ya cinye wa rumbunan albasa. Ƙungiyar da ta ɗauke ta aiki za ta raba iri, kuma wanda sunansa bai shiga ba ba shi da rabo. Mutum ɗari da arba'in da uku ta shigar a manhajar ƙungiyar, kowa da hotonsa, amma ko ɗaya bai tafi ofis ba, don sabis a can sai an hau tudu.

Da safiyar Laraba saƙo ya shigo daga ofis: ga sabuwar manhaja, tsohuwar kuma daga ƙarfe huɗu na yamma ba za a ƙara karɓar komai daga gare ta ba. Gudiya ta ɗauka sabuwar za ta hau kan tsohuwar ne kamar kullum. Ta danna, wayar ta rubuta "App not installed", wato ta ƙi hawa. Ta sake har sau uku. Sai ta cire tsohuwar, da wayar ta tambaye ta ko a bar bayanan, ta ce a bari. Ta sake gwada sabuwar, amsa ɗaya. Yanzu ba tsohuwa, ba sabuwa.

Sha biyu ta wuce lokacin da ta sauka Jega, ta nufi rumfar Waliyyu mai gyaran waya, ta kwashe labari ta faɗa masa. Wani dillalin awaki da ke jiran tasa wayar ya ce, "Hajiya, a yi mata filashin kawai, a wanke ta tas ta koma sabuwa."

"In aka yi filashin, manoman sun tafi ke nan," in ji Waliyyu. Ya juya ga Gudiya. "Malama, kowace manhaja da sa hannun wanda ya ƙera ta, kamar hatimi. Wagga sabuwa sunansu ɗaya da tsohuwar, amma ga alama hatimin daban ne. Da kika ce a bar bayanai, wayar ta riƙe su tare da shaidar tsohon hatimi, shi ya sa take korar sabuwar."

"To a share shaidar mana."

"Tare suke da sunayen naki. In na share, sabuwar za ta hau, amma wayam."

Gudiya ta dafa teburin. Fuskar wani tsohon manomi, Mamman, ce ta faɗo mata, wanda ya sa ta jira ya sako hula kafin hoto.

Waliyyu ya ce hanya ɗaya ce: a samo tsohuwar manhajar, mai hatimin farko, kuma ba wadda ta fi tata tsufa ba. In ta hau, za ta tarar da bayananta. Suka duba wayar, fayil ɗin da ta saka tsohuwar da shi babu, ta goge shi tuntuni don neman wuri. Ofis ba a ɗaga waya. Ta kira abokan aiki biyu, duk sun riga sun cire tasu. Na uku shi ne Atiku, da aka tura Karaye.

"Malam Atiku, ka cire tsohuwar?"

"Yanzun ga nake shirin yi."

"Don girman Allah kar ka taɓa ta! Turo mini."

Sabis ɗin Karaye ko hoto ba ya ɗauka. Suka yi da shi su haɗu a tashar Maiyama. Motar da ta shiga sai da ta cika kafin ta tashi, Gudiya na zaune tsakanin buhunan gero, ta ƙanƙame wayar, batir na ta raguwa.

Uku da kwata ta same shi a inuwar mai shayi. Suka haɗa wayoyin ta Xender, wadda ke tura fayil ko ba sabis, kamar yadda Waliyyu ya nuna mata, fayil ɗin ya wuce. Ta yi bismillah ta danna. Layin ya yi ta tafiya, ya tsaya. Sai manhajar ta hau. Ta buɗe: ɗari da arba'in da uku, cif.

Aikawa kuma ta zo da tata wahalar, hotuna na tafiya ɗaya bayan ɗaya. Atiku ya ɗaga wayarta sama yana zagaya tasha yana neman inda sabis ya fi ƙarfi, Gudiya na biye da shi tana karanta lamba. Huɗu saura minti shida na ƙarshe ya tafi.

Ta zauna a bencin mai shayi. Sai da ta sha ruwa sannan ta cire tsohuwar gaba ɗaya, ba ta bar komai ba, sabuwar ta hau nan take. Atiku ya miƙo mata tasa wayar.

"To Malama, taimaka mini da tawa. Saura mutum tara ban aika ba."

Ta dubi agogo. Huɗu da minti biyu. Suka kalli juna, sannan ta sake lalubo lambar ofis, ko za a ƙara masa lokaci.